Ciyar da jiki a gudu mai nisa: giram nawa a awa, kuma yaya ake horar da ciki?

Duk wanda ya taɓa gudun da ya haura awa biyu ya san wani lokaci da ƙafafu kan yi nauyi kwatsam, ido ya fara ganin duhu-duhu, tunani ya rikice, alhali numfashi bai gaza ba. A gudun yada-ƙanin-wani, mai tsawon kilomita 42 da mita 195, wannan hali ya fi aukuwa bayan kilomita 30. Galibi sababinsa ƙarewar sukarin da jiki ya ajiye ne, kuma maganinsa shi ne cin kabohaidiret, wato abinci mai sukari ko sitaci, tun ana cikin gudun. Sai dai cikin da bai saba ba yakan ƙi karɓar abincin. Saboda haka ma'auni da horo suke tafiya tare.

Rumbun da ke ƙarewa

Jiki na ajiye kabohaidiret a tsoka da hanta a matsayin wani sinadari da ake kira gilaikojin. Babban mutum mai ƙoshi yana da kimanin giram 400 a tsokoki da kimanin giram 100 a hanta. Kitse ya ninka wannan yawa nesa ba kusa ba, amma jiki na ƙona shi a hankali, don haka ba ya iya riƙe gudu mai sauri shi kaɗai. A irin saurin gasa, rumbun gilaikojin kan yi ƙasa sosai cikin minti 90 zuwa awa biyu.

Ba yau aka gano haka ba. A gasar Boston ta 1924 likitoci sun auna jinin wasu 'yan gudu bayan sun kammala, suka tarar waɗanda suka fi galabaita sukarin jininsu ya faɗi ƙwarai. A shekarar da ta biyo baya aka ba 'yan gudun alewa su riƙa tsotsa a hanya, sai sukarin bai faɗi ba, yanayinsu kuma ya fi kyau.

Ma'aunin awa ɗaya

Ma'aunin da aka fi dogara da shi yau shi ne wanda Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka da ƙungiyoyin masana abinci na Amurka da Kanada suka fitar a 2016. Gudun da bai kai minti 45 ba ba ya bukatar komai. Daga minti 45 zuwa 75, ɗan kaɗan ya wadatar, ko da kurkure baki ne da ruwan sukari. Daga awa ɗaya zuwa awa biyu da rabi, ana bukatar giram 30 zuwa 60 a kowace awa. Idan gudun ya wuce awa biyu da rabi, ana iya kaiwa giram 90.

Abin lura shi ne ba da nauyin mutum ake lissafin ba. Hanji ne ke yanke iyakar. Gulukos na ratsa bangon hanji ya shiga jini ta wata ƙofa ta musamman, wadda ba ta wuce kimanin giram 60 a awa. Abin da ya haura haka sai ya taru a hanji, ya jawo ruwa, ya haifar da kumburi da zawo. Furuktos, sukarin 'ya'yan itace, yana da tasa ƙofar daban. Binciken da Asker Jeukendrup da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Birmingham daga 2004 ya nuna cewa haɗa nau'ikan biyu, kashi biyu na gulukos da kashi ɗaya na furuktos, yana ba jiki damar amfana da kusan giram 90. Wasu manyan 'yan gasa na duniya kan kai giram 120 a yanzu, amma wannan ba ma'aunin mai gudun sha'awa ba ne.

A nan ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ba ya iya sayen 'yan sacet-sacet ɗin abincin gudu da ake shigowa da su yana da sa'a. Sukarin shayi rabinsa gulukos ne, rabinsa furuktos. Zuma da dabino ma sun ƙunshi nau'ikan biyu.

Lissafi da kayan kasuwarmu

Cokalin shayi ɗaya na sukari, a shafe ba a tsiri ba, kimanin giram 4 ne. Babban cokali ɗaya na zuma giram 17. Ƙaramin dabino ɗaya giram 5 zuwa 6. Ayaba matsakaiciya kimanin giram 25. Mazarƙwaila kusan dukkanta sukari ce, amma tun da curinta ba girma ɗaya ba ne, sai an ɗora ta a sikeli.

Kaurin abin sha yana da muhimmanci. Ciki ya fi saurin sauke ruwan da ke ɗauke da giram 6 zuwa 8 na sukari a kowane mililita 100. Ledar fiya-wata rabin lita ce, don haka cokalin shayi bakwai ko takwas a ruwan leda ɗaya, da ɗan gishiri a kan yatsu biyu, ya ba da kimanin giram 30 a kaurin da ya dace. Lemon kwalba ya fi haka kauri, ga kuma iskar da ke cikinsa, sai an sirka shi an bari iskar ta fita.

Akwai abincin da ke da kyau amma ba a cikin gudu ba. Fura da nono, ƙosai, ƙuli-ƙuli da gyaɗa suna ɗauke da mai ko furotin ko dusa, waɗanda ke jinkirta saukar abinci daga ciki. Wurinsu bayan an gama ne.

Me ya sa ciki ke tawaye?

Idan mutum na gudu, jiki na karkatar da jini daga kayan ciki zuwa tsoka, da kuma fata domin fitar da zafi. Hanji sai ya rage aiki, ga girgizar kowane taku. Zafi da ƙarancin ruwa na tsananta lamarin, shi ya sa abin da ciki ya karɓa lafiya a sanyin hunturu zai iya ƙin zama a watan Afrilu, lokacin da zafin Zamfara kan haura digiri 40.

Amma ciki na koyo kamar yadda tsoka ke koyo. A wani bincike na 2010 a Ostareliya, 'yan tseren keke da suka shafe kwana 28 suna shan kabohaidiret a lokacin atisaye sun ƙara yawan sukarin da jikinsu ke ƙonawa daga abin da suka sha. Wani binciken na Jami'ar Monash a 2017 ya nuna cewa mako biyu na ci ana gudu sun rage ciwon ciki a wajen 'yan gudu. Tumbi na sabawa da ɗaukar ruwa, hanji kuma na ƙara iya tsotsa.

Misali daga Talata Mafara

A ɗauka wani ma'aikaci ne a Talata Mafara ke shirin gasar birnin Legas, wadda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. Burinsa ya kammala cikin awa huɗu. Dogon gudunsa na ranar Asabar yakan fara shi bayan sallar asuba, wani lokaci ta hanyar Bakura, wani lokaci ta ɓangaren Maradun, cikin filayen noman rani da madatsar Bakolori ke shayarwa. Yana da mako takwas, kuma abin da yake nema shi ne giram 60 a awa ba tare da ciki ya motsa ba.

A mako na ɗaya da na biyu zai tsaya a giram 30: gorar rabin lita mai cokali bakwai na sukari a kowace awa. Zai fara kurɓa tun minti 20 da tashi, ba zai jira sai ya ji gajiya ba, domin sukarin na ɗaukar lokaci kafin ya isa jini, cikin wanda ya galabaita kuwa ya fi ƙin abinci.

A mako na uku da na huɗu zai ƙara dabino uku a awa, an cire ƙwallonsu tun daga gida, ya kai giram 45. A na biyar da na shida zai ƙara babban cokali na zuma da aka ƙulla a 'yar leda, jimla ta zama kimanin giram 60. Ba a lokaci ɗaya zai sha ba. Zai raba awar gida uku, giram 20 kowane minti 20, kuma duk zuma ko dabinon da ya ci sai ya bi shi da kurɓin ruwa zalla.

Mako na bakwai shi ne gwajin gaske: kilomita 30 zuwa 32, da karin kumallon da zai yi ranar gasa, kamar koko ko burodi da shayi awa biyu zuwa uku kafin tashi, kuma a kusa da saurin gasa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ne aka fi mantawa, alhali cikin da ya karɓi giram 60 a sassarfa zai iya maido shi idan aka ƙara wuta. A mako na takwas zai rage nisa, ya bar ma'aunin yadda yake. Ranar gasa zai tanadi kimanin giram 240, kuma ba zai ɗanɗani wani abu da bai gwada a hanyar Bakura ba. Tun da gora huɗu ba sa ɗaukuwa, yayin atisaye zai nemi wani ya bi shi a babur ko ya zagaya hanyar da ke dawo da shi inda ya ajiye su. A gasa kuma ya ƙulla sukarin a ledoji, ya riƙa haɗawa da ruwan da ake rabawa.

Idan shirin ya faɗo cikin Ramadan, dogon gudun zai koma dare, awa biyu zuwa uku bayan buɗa-baki mara nauyi, domin a nan ne kawai za a iya horar da cikin.

Yadda ake karanta alamu

Jin ruwa na kaɗawa a ciki, da gyatsa da tashin zuciya, na nuna tumbi bai sauke abin da aka zuba masa ba. Sai a rage gudu na 'yan mintuna, a dakata da ci, sannan a koma da ƙananan kurɓi. Murɗar mara da zawo kuwa alamar hanji ce: an wuce ma'auni, ko abin ya yi kauri, ko furuktos ya yi yawa. A mako mai zuwa a koma baya da giram 15, ko a maye zuma da ruwan sukari. Rawar jiki, gumi mai sanyi da yunwa kwatsam na nufin an makara. A sha giram 20 zuwa 30 nan take a yi tafiya har ido ya washe.

Ruwa ma yana da iyaka. Yawancin 'yan gudu na bukatar mililita 400 zuwa 800 a awa. Wanda ya hau sikeli kafin gudu da bayansa ya ga ya rasa fiye da kashi biyu cikin ɗari na nauyinsa bai sha isasshe ba. Wanda ya ƙara nauyi kuwa ya sha fiye da kima, kuma hakan na iya tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai, kumburin hannu da ruɗewa, abin da ke bukatar asibiti cikin gaggawa. A guji shan ibuforofen da danginsa kafin gudu, domin suna ƙara wa hanji da ƙoda wahala. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki kada ya ɗauki waɗannan alƙaluma sai ya zauna da likitansa, haka ma duk wanda ya ga jini a bayan gida ko ciwon cikinsa ya kwana bayan gudu.