Shekarar farko bayan sallama daga aiki: watanni huɗu na fansho da lissafin damina

Ma'aikacin da aka rufe masana'antarsu a Sharaɗa ko Chalawa, ya tattara ya koma gida Saji a ƙaramar hukumar Rano, yana da kalanda biyu a gabansa: ta dokar fansho da ta ruwan sama. Inda suka haɗu ne ke nuna masa sana'ar da zai iya kamawa a shekarar farko.

Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho, muddin ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Sau ɗaya ake yin haka, sauran kuɗin kuwa sai ya cika 50. Kamfanin da ke kula da asusun zai nemi takardar sallama, da shaidar shekaru, da katin shaida, da bayanan asusun banki.

Wajibi ne a nemi cikakken bayanin asusun tun a watan farko. Doka ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashi, mai aikin ya ƙara kashi 10, amma sau da yawa kamfanin da ke tangal-tangal yakan cire kuɗin ya ƙi turawa. Ana gane haka idan aka ga watannin ƙarshe babu shigar kuɗi. Bin wannan haƙƙi ya fi sauƙi kafin a garƙame ofis, sannan akwai hukumar PenCom da ake kai wa ƙorafi.

A ɗauka mutum yana da naira miliyan biyu a asusu, wato rabonsa dubu ɗari biyar. Idan a Janairu aka sallame shi, zai shigar da buƙata a Mayu, kuɗin kuma na iya riskarsa a farkon damina, lokacin da taki da kuɗin ƙwadago ke da amfani a gonar gado. Wanda aka sallama a Afrilu kuwa sai Agusta zai nema, shuka ta riga ta wuce. Abin da ya rage masa shi ne noman rani, in ya sami hayar fili inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa, kamar Bunkure da Kura, ko kuma sayen dawa da masara da kaka a ajiye zuwa bazara. Ajiyar ba ta da tabbas: a 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya da dama suka tafka asara. Kuskure ne a zuba kuɗin duka a buhu ba a ware na cefanen wata uku ba.

Ɗan kasuwar da ya rufe shago ba shi da wannan kashi 25; ko da ya shiga tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019, ƙa'idar cirar kuɗi a can daban take. Jarinsa na farko shi ne ragowar kaya da bashin da yake bin mutane, bayan ya sauke wanda dillalai ke bin sa, domin su ne za su sake ba shi kaya.