Muhimmiyar hanya da muhimmiyar sarƙa: yadda ake ƙididdige wa'adin aikin kwangila

Kowace kwangila tana da wa'adi, kuma wa'adin yana fitowa ne daga jadawalin da injiniyoyi suka tsara. Akwai manyan dabaru biyu na tsara shi. Ta farko, wadda aka fi sani, ita ce dabarar muhimmiyar hanya, wadda ake rubutawa CPM a takardun kwangila. Ta biyu ita ce dabarar muhimmiyar sarƙa, ko CCPM. Suna saɓawa a kan tambayoyi biyu: shin jadawalin ya yi la'akari da ƙarancin kayan aiki da ma'aikata, sannan a ina ake ajiye kwanakin ko-ta-kwana?

Tambayoyin suna da nauyi a Yako da ke ƙaramar hukumar Kiru, da maƙwabtanta na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, domin a wannan yanki damina ce ke yanke wa'adin gaskiya. Kwalbatin da ba a gama ba kafin ruwa ya zauna, ramin da aka haƙa masa yakan cika, hanyar wucin gadi ta yanke, leburori kuma su koma gona.

Asalin dabarun biyu

Dabarar muhimmiyar hanya ta samo asali a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, daga aikin Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na kamfanin Remington Rand. Ana jera ayyuka, a ba kowanne kwanakinsa, a nuna wanda dole ya gabaci wani. Jerin da ya fi kowanne tsawo shi ne muhimmiyar hanya, domin jinkirin kwana ɗaya a kansa jinkiri ne ga aikin baki ɗaya. Sauran jerin suna da sarari, wato kwanakin da za su iya makara ba tare da sun taɓa wa'adi ba.

Dabarar muhimmiyar sarƙa kuwa Eliyahu Goldratt, masanin kimiyya ɗan Isra'ila, ya gabatar da ita a littafinsa Critical Chain na 1997. Hujjarsa ita ce duk wanda aka tambaya kwana nawa aikinsa zai ci, yakan ƙara kwanakin kare kai, amma kwanakin kan salwanta. Wani yakan ɗage farawa saboda yana ganin da sauran lokaci, kamar ɗalibin da ba ya karatu sai jarrabawa ta ƙarato. Wani kuma aikin yakan miƙe har ya cinye duk lokacin da aka ba shi, kamar yadda C. Northcote Parkinson ya lura a 1955. Wanda ya gama da wuri ba ya faɗa, gudun kada a rage masa kwanaki a gaba. Don haka jinkiri yana wucewa daga hannu zuwa hannu, amma ribar saurin gamawa ba ta wucewa.

Misalin kwalbati da lambatu

A ɗauki misali na lissafi: ɗan kwangila zai gina kwalbati a wata hanyar marmara kusa da Yako, tare da lambatun da zai kawo ruwa cikinsa. Ƙiyasin masu aiki, da kwanakin kare kai a ciki, shi ne kamar haka. Haƙa ramin kwalbati kwana 10, ɗaurin rodi da kafa katako kwana 10, zuba kankare kwana 4, jiran kankare ya yi ƙarfi kwana 7. A ɓangaren lambatu, haƙa kwana 4, gini kwana 24. Sai an gama ɓangarorin biyu za a cike da marmara a danne, wanda zai ci kwana 8.

Bisa dabarar farko, ɓangaren kwalbati kwana 31 ne, na lambatu kwana 28. Kwalbati ne muhimmiyar hanya, kuma idan aka haɗa da cikon marmara wa'adin ya zama kwana 39. Lambatu yana da sararin kwana 3, saboda haka mai duba aiki ba zai damu da shi ba.

Sai dai lissafin ya ɗauka cewa za a fara haƙa biyun a rana ɗaya, alhali motar haƙa ɗaya ce aka yi haya. Idan ta fara da ramin kwalbati, lambatu zai jira kwana 10, aikin ya kai kwana 46. Idan ta fara da lambatu, kwalbati zai jira kwana 4, aikin ya kai kwana 43. Ko ta yaya aka juya, kwana 39 ba mai yiwuwa ba ne tun daga ranar sa hannu. Jerin da ya fi tsawo bayan an lissafa da kayan aiki shi ake kira muhimmiyar sarƙa. A nan ta fara da haƙa lambatu, ta tsallaka zuwa ramin kwalbati saboda motar, ta bi rodi da kankare da jira, ta ƙare a ciko.

Masu amfani da dabarar farko su ma suna iya daidaita rikicin kayan aiki, kuma manhajoji irin su Primavera P6 da Microsoft Project suna yin hakan. Bambancin shi ne a can mataki ne na ƙari da ake iya tsallakewa, a nan kuwa shi ne tushen jadawalin.

Yadda ake gina rumbun lokaci

Mataki na gaba shi ne zare kwanakin kare kai daga kowane aiki. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce a raba kowane ƙiyasi biyu. Haƙa lambatu ya koma kwana 2, ramin kwalbati 5, rodi da katako 5, zuba kankare 2, ciko 4. Jiran kankare yana nan a kwana 7, domin siminti ba ya saurin ƙarfi don an matsa wa magini. Sarƙar ta zama kwana 25, an zare kwana 18.

Rabin abin da aka zare, wato kwana 9, ana tara shi wuri guda a ƙarshen sarƙar. Wannan shi ne rumbun aiki, kuma na kowa ne. Wa'adin da za a yi alkawari ya zama kwana 34. Dalilin da rabi yake wadatarwa shi ne da wuya duk ayyukan su makara a lokaci guda. Wanda ya yi sauri yana rufa wa wanda ya makara asiri, kamar yadda rumbun gandu yake ɗaukar gida fiye da a ce kowa ya ɓoye damminsa a ɗaki.

Ginin lambatu ba ya kan sarƙar, amma yana shiga cikinta a wurin ciko. An rage shi zuwa kwana 12, aka sa masa ƙaramin rumbu na kwana 6. Tunda za a fara ciko bayan kwana 21, magina za su fara bayan kwana 3, su gama a rana ta 15, sauran kwana 6 su tsare sarƙar daga jinkirinsu. Akwai kuma rumbu na uku wanda ba kwanaki ba ne, sanarwa ce: a tunatar da mai injin kwaɓa kankare da masu tifa kwanaki kafin a buƙace su, don kada sarƙar ta tsaya jiransu.

Yadda ake gane aiki ya shiga haɗari

A dabarar farko ana tambayar ko kowane aiki ya cika ranarsa. A ta biyu ana kwatanta abu biyu: kason sarƙar da aka gama da kason rumbun da aka ci. A misalin, ya kamata a gama ɗaurin rodi a rana ta 12, kusan rabin sarƙar ke nan. Idan aka gama a rana ta 16, an ci kwana 4 cikin 9, wato kashi 44 cikin ɗari, alhali an gama kashi 48 na sarƙar. Aikin yana lafiya, ko da yake ya wuce ranarsa. Idan kuwa sai rana ta 19 aka gama, an ci kwana 7 cikin 9, kashi 78 cikin ɗari, da rabin aiki a gaba. Lokacin ƙara ma'aikata ko tifa ya yi, tun ana da kwanaki kafin wa'adi. Galibi ana raba rumbun kashi uku, kore da rawaya da ja: a kore a ci gaba, a rawaya a shirya mafita, a ja a aiwatar da ita.

Iyakokin dabarar

Ƙa'idar raba ƙiyasi biyu ba ta da tushe mai ƙarfi a lissafi. Willy Herroelen da Roel Leus na Jami'ar Leuven a Beljiyam sun nuna a 2001 cewa tana iya kumbura rumbu fiye da kima a manyan ayyuka, kuma sarƙar kanta tana sauyawa gwargwadon yadda aka warware rikicin kayan aiki. Haka nan dabarar tana rushewa idan shugaba ya mayar da gajeren ƙiyasin wa'adin dole yana hukunta wanda ya wuce shi, domin a karo na gaba kowa zai ninka ƙiyasinsa tun kafin a raba. Leburan da ake biya kullum ma ba shi da riba a saurin gamawa, sai dai idan jinga aka ba shi.

Babbar iyakar ita ce rumbu yana shanye ƙananan tangarɗa ne kawai, kamar lalacewar mota ko makarar yashi. Ba ya maganin tsayawar kuɗi ko sauya girman aiki. Hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ta ratsa Kwanar Dangora, ta isa misali. An ba kamfanin Julius Berger kwangilar a Disamban 2017 da wa'adin wata 36. A 2021 gwamnatin tarayya ta mayar da aikin sake gini gaba ɗaya, kuɗin ya tashi daga kimanin naira biliyan 155 zuwa biliyan 797, kuma a 2024 ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna. Sauyi irin wannan sabon jadawali yake buƙata, ko da wace dabara aka tsara na farko.

Dabarar muhimmiyar hanya tana da nata ƙarfin: tana ba kowane aiki rana tabbatacciya, wadda ake dogara da ita wajen biyan kuɗi mataki-mataki da warware taƙaddama kan wanda ya jawo jinkiri. Ta sarƙa ta fi amfani inda mota ɗaya ko ayarin magina ɗaya ke zagaya ayyuka da dama, kamar yadda aka saba a ƙananan kwangilolin karkara. Kwamitin gari ko kansilan da aka nuna wa jadawali yana iya tambayar injiniya abu uku: wace mota ko wane ayari ne ayyuka biyu ke jira a lokaci guda, kwana nawa aka ware na ko-ta-kwana, kuma nawa aka ci daga ciki zuwa yau.