Yadda Turai Ta Koya wa Kunnenta Baƙin Ciki

A shekarar 1558, wani limamin coci kuma masanin kiɗa a birnin Venice, Gioseffo Zarlino, ya rubuta cewa haɗin sautuka iri biyu ne ke riƙe da kiɗa: ɗaya mai fara'a, ɗaya mai rauni da alhini. Su ne a yau ake kira mejo da maino. Abin tambaya shi ne: alhinin a cikin sautin yake, ko kunne ne ya koye shi?

Bambancin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne. A ɗauki sautuka uku a kaɗa su tare, irin do, mi, so da ake koya wa yara a makaranta. Idan tsirkiyar farko tana karkarwa sau 440 a daƙiƙa, ta biyu sau 550, ta uku sau 660, an sami mejo. Idan aka ɗan sassauta ta tsakiya ta sauko zuwa 528, an sami maino. Tsirkiya ɗaya kawai aka taɓa.

Lissafin ya bayyana wani abu. Lambobin mejo suna tafiya a kan 4, 5, 6, kuma wannan jeri yana nan a ɓoye cikin amon kowace tsirkiya guda, domin tsirkiya ba ta karkarwa da tsawonta kaɗai, har da rabinta, da sulusinta, da rubu'inta. Saboda haka kunne yakan ji sautukan uku kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Na maino kuwa 10, 12, 15 ne, dangantakarsu ta fi nisa. A 1863 masanin kimiyya na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa wannan ne ke sa maino ya zo da ɗan duhu, kamar an yafa masa mayafi.

Sai dai duhu daban, baƙin ciki daban. Tarihi ne ya haɗa su. Kafin ƙarni na 17, kiɗan Turai yana tafiya a kan tsare-tsaren sauti na coci masu yawa, kuma sai wajen 1700 aka taƙaita ga waɗannan biyu. Mawaƙan farko ba su ma ɗauki maino a matsayin wurin hutawa ba: sukan rufe waƙar maino da haɗin mejo, don kada a bar mai sauraro a rataye. A zamanin Haydn da Mozart, mejo ya zama abincin yau da gobe, maino kuwa sai da dalili. Akan ajiye shi domin makoki, ko fargaba, ko fushi, kuma sau da yawa a haɗa shi da tafiyar hawainiya da sauti na ƙasa-ƙasa. Yau da gobe, kunnen Turawa ya saba, har ya riƙa jin alhinin ko da an cire sauran alamomin.

Shaidar cewa koyo ne tana wurin yara. Wani bincike da aka buga a 2001, na Dalla Bella da abokan aikinsa a Montreal, ya gano cewa 'yan shekara 5 da saurin kiɗa kaɗai suke rarrabe na murna da na baƙin ciki. Sai daga shekara 6 zuwa 8 suke fara la'akari da mejo da maino.

Shaida ta biyu tana wurin al'ummun da kiɗan Turai bai ratsa ba. A 2009 Thomas Fritz ya wallafa gwajin da ya yi wa mutanen Mafa na duwatsun Mandara a arewacin Kamaru. Sun gane murna da baƙin ciki da tsoro a kiɗan fiyano fiye da abin da canki zai bayar, amma ba su kai Turawa ba, kuma saurin kiɗan yana cikin abin da ya yi musu jagora. A wani bincike da aka buga a 2022, an tambayi mazauna kwarin kogin Uruwa a Papua New Guinea wanne ya fi daɗin rai tsakanin mejo da maino. Waɗanda suka saba da kiɗa irin na Turai sun karkata ga mejo. Waɗanda ba su saba ba, ba a ga wata karkata tabbatacciya a wurinsu ba.

Ko a Turai ƙa'idar tana da ɓaraka: raye-rayen biki na yankin Balkan da na Yahudawan gabashin Turai cike suke da maino, ana kuwa cashewa. Tsirkiya ta ba da ɗan bambancin amo, al'ada ce ta raɗa masa suna.