Daga Ƙarfen Wuta zuwa Zoben Roba: Waiwaye kan Maganin Basir

Idan muka koma can baya, zamanin likitocin Girka na farko, za mu tarar da manyan abubuwa biyu a hannun mai maganin basir, wato zare da wuta. Ko dai a ɗaure tsiron daga tushe har ya mutu, ko a gasa ƙarfe ya yi ja a lalla masa. Rubuce-rubucen da ake danganta wa Hippocrates sun kawo duka biyun, kuma Al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ɗauri da yanka a littafinsa Al-Tasrif. Babu maganin sa barci irin na yau, sai dai ƙarti su danne majinyaci a yi abin da za a yi.

An daɗe a haka kafin ƙarni na 19 ya kawo sauyi. A 1835 Frederick Salmon ya kafa asibitin da ya zama St Mark's a Landan, musamman don cututtukan dubura, kuma daga nan tiyatar basir ta fara samun tsari. Ba duka gwaji ne ya yi kyau ba. A 1882 Whitehead ya fito da dabarar yanke fatar cikin dubura zagaye guda, sai mutane da yawa suka ƙare da ƙofa da ta tsuke ko jiƙewar da ba ta yankewa. Sai a 1937 Milligan da Morgan, su ma a St Mark's, suka daidaita aikin: a cire ƙullutai uku, a ɗaure jijiyar kowanne, a bar lafiyayyar fata tsakanin rauni da rauni don kada wurin ya tsuke, sannan a bar raunukan a buɗe su warke da kansu. A 1959 Ferguson a Amurka ya zaɓi ɗinke su. Har gobe waɗannan biyun ne ma'aunin tiyatar basir.

Amma tun kafin nan mutane ke neman hanyar kauce wa wuƙa, kuma allura ce ta fara amsa kiran. A 1869 wani likita daban mai suna Morgan ya gwada zuba ruwan gishirin ƙarfe cikin basir. Shekara biyu bayansa Mitchell, a jihar Illinois, ya haɗa sinadarin fenol da man zaitun, ya ɓoye sirrin, ya riƙa sayar wa masu yawon magani gari gari. Mu da muka saba jin lasifikar mai maganin basir a tasha da bakin kasuwa ba za mu yi mamakin yadda kasuwar ta buɗe ba. An samu waɗanda suka warke, an samu waɗanda naman wurin ya ruɓe, don ruwan ya yi ƙarfi kuma cikin tsiron kansa ake tsira shi. Da likitoci suka karɓi dabarar sai suka sirka ta zuwa kashi 5 cikin 100 na fenol a man almon, suka koma zuba kimanin mililita 3 a saman kowane ƙulli.

Wannan matsawa sama ita ce mahaɗar labarin gaba ɗaya. A cikin dubura, kimanin santimita 2 daga baki, akwai wani layi da ya raba wurin gida biyu. Ƙasansa fata ce mai jin zafi ƙwarai, samansa kuwa ba ya jin yanka ko tsira, sai dai nauyi da takura. Duk abin da za a yi wa mutum a zaune a ɗakin duba marasa lafiya, ya tashi ya tafi gida, dole a saman layin nan za a yi shi. Tiyata tana ratsa ƙasansa, shi ya sa take da raɗaɗin da ake ba da labari.

A kan wannan fahimta Blaisdell ya dawo da tsohon ɗaurin zare a shekarun 1950, sannan Barron ya kammala shi a 1963 da ɗan ƙaramin zoben roba. Likita zai sa gajeren bututun leƙe, ya jawo naman da ke tushen basir ɗin cikin bakin na'ura, ya sake masa robar a wuya. Jini ya daina isa, naman ya bushe ya faɗi cikin mako guda ko makamancinsa, kamar yadda cibiyar jariri ke faɗuwa. Tabon da ya rage shi ke manne sauran naman a jikin bango. A 1975 Thomson ya nuna cewa waɗannan ƙullutai halitta ce da kowa ke da ita don taimakawa wajen riƙe bayan gida, zamewarsu ƙasa ce cutar. Tun daga nan aka ƙara gane cewa ba kowane basir ne ke bukatar a tumɓuke shi ba.

A yau mataki huɗu ake dubawa. Na farko jini ne kawai, babu tsiro a waje, kuma nan allura ta fi dacewa idan gyaran abinci bai wadatar ba. Ita ce mafi sauƙin jinya, amma tasirinta ba ya daɗewa, kuma idan ta zarce ta taɓa furostet ɗin namiji tana jawo ciwon fitsari. Na biyu yana leƙowa lokacin bayan gida ya koma da kansa. Na uku sai an tura shi da yatsa. Na huɗu ba ya komawa sam.

Mu ɗauki direban doguwar tafiya mai shekara 45, basir ɗinsa na mataki na biyu, yana ganin jan jini bayan ya gama. Kafin komai sai an tabbatar jinin ba daga ciwon dajin hanji yake fitowa ba. Idan an tabbatar, roba ce zaɓinsa. Aikin minti kaɗan ne, zai ji nauyi da kamar bayan gida na kwana ɗaya ko biyu, farasitamol ya ishe shi. Idan zafi mai tsanani ya taso nan take, robar ta sauko ƙasa da layi, sai a cire ta. Abin da ba a cika faɗa masa ba shi ne jini na iya ɓallewa tsakanin kwana 7 zuwa 14, lokacin da naman ya faɗi, don haka kada ya ɗauki lodin da zai nisanta shi da asibiti a makonnin. Da yana shan maganin tsinka jini irin wafarin, da allura ta fi masa aminci. Ya kuma san robar ba ta yanke hukunci a zama ɗaya: a gwajin HubBLe na Birtaniya da aka wallafa a 2016, kusan rabin waɗanda aka ɗaure wa sau ɗaya matsalar ta dawo musu cikin shekara, ko da yake maimaitawa na gyara da dama daga ciki.

Da a ce nasa ya kai mataki na huɗu, ko babban na uku mai haɗe da tsiron waje, to ɓata lokaci ne a yi ta roba. Tiyata ce, da hutun mako 2 zuwa 4, da raunin da kan kai mako 6 ko fiye kafin ya rufe, da maganin laushin bayan gida da zama cikin ruwan ɗumi. Wasu fitsari kan riƙe musu a daren farko. Ladar wahalar ita ce ba kasafai yake dawowa ba. Ko na'urar ɗinkin Longo ta 1998, da aka yi ta yabo don ƙarancin zafi, ta fi tsohon yankan yawan komawar ciwo.

Wanda duk aka yi wa roba ko allura, sai ya ga zazzaɓi da ƙaruwar ciwo da kasa yin fitsari sun haɗu masa, ya nufi asibiti a daren, kada ya jira gari ya waye.