Wa Zai Kawo Hujja, Mai Tambaya ko Mai Ɓoyewa?

Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta raini ma'aikacin Nijeriya a kan cewa fitar da takardar ofis ba da izini ba laifi ne. Tun 1993 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka fara tsara daftarin da zai sauya wannan al'ada. Majalisa ta amince da shi a 2007, amma Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba. Sai a Mayun 2011 Jonathan ya rattaba hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai.

Dokar ta bar wasu ƙofofi a kulle: tsaron ƙasa, hulɗa da ƙasashen waje, binciken laifuka, bayanan mutum na ƙashin kansa da sirrin kasuwanci. Sai dai a yawancinsu ba a hana bayani idan maslahar jama'a ta rinjayi illar fitar da shi.

A ce ɗan jarida ya nemi takardun kwangilar wata hanya. Ma'aikatar na da kwana 7 ta amsa, shirunta kuma ƙi ne a idon doka. Daga nan yana da kwana 30 ya garzaya babbar kotu. Alƙali na iya karɓar takardun ya duba da kansa, ma'aikatar ce kuma za ta tabbatar da dalilin hanawa. Idan hanin ba bisa ƙa'ida ba ne, tarar Naira 500,000 ce.

Rauninta shi ne ba ta kafa kwamishina mai sauraren ƙorafi ba, kamar yadda Birtaniya ta yi. Wanda ba shi da kuɗin lauya, a ƙofar ma'aikatar maganarsa takan tsaya.