Daga Wajibin Sanusi zuwa Duniyoyin Kripke: Tarihin Fassara Wajabci da Yiwuwa

Ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaurukan Dutse, ko Ringim, ko Birnin Kudu, ya buɗe Ummul Barahin ta Shehu Muhammad bin Yusuf Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a shekara ta 895 bayan Hijira (1490), abin da zai fara cin karo da shi shi ne rabon hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Wajibi shi ne abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, kamar kasancewar ɗaya rabin biyu. Mustahili akasinsa ne. Ja'izi kuwa shi ne wanda samuwarsa da rashinsa duk suka inganta, kamar dabinon Dutse ya yi 'ya'ya bana ko ya ƙi yi. A sharhohin littafin ana ƙara bambanta wannan hukunci da wasu guda biyu, wato hukuncin al'ada da hukuncin shari'a. Wannan rabo da ake koyar da ɗalibi tun yana mafari shi ne ainihin abin da masana manɗiƙi na ƙarni na ashirin suka daɗe suna neman hanyar rubuta shi da alamomi.

Maganar ta samo asali daga Arisɗo, ta bunƙasa a hannun Ibn Sina (ya rasu 428/1037), wanda ya raba samammu zuwa wajibi da zatinsa da kuma mai yiwuwa da ya wajaba saboda waninsa. Imam Gazali (ya rasu 505/1111) ya yi musu a Tahafutul Falasifa cewa haɗuwar wuta da ƙonewar auduga ba lalura ba ce ta hankali, al'ada ce da Allah ya gudanar, kuma yana da ikon keta ta. A Turai, Leibniz ya yi magana a littafinsa na 1710 kan duniyoyi marasa iyaka da suke cikin sanin Allah, waɗanda ya zaɓi ɗaya daga cikinsu ya halitta. Amma duk wannan bai zama lissafi ba. C. I. Lewis, tare da Langford, ya fitar da tsare-tsare biyar a 1932, S1 zuwa S5, kowane da nasa ƙa'idojin, ba tare da wata hanya mai gamsarwa ta faɗin dalilin da zai sa a ɗauki wannan a bar wancan ba. Carnap ya matso kusa a 1947. Sai a 1959 Saul Kripke, saurayi ɗan shekara goma sha takwas daga Omaha a Amurka, ya buga maƙalar da ta kafa hanyar, ya kuma cika ta a 1963. Stig Kanger da Jaakko Hintikka sun iso ga irin wannan tunani a daidai lokacin, ko da yake sunan Kripke ne ya bi abin.

Hanyar ita ce a daina tambayar abin da hankali yake iya surantawa, a koma ƙidaya. “Duniya mai yiwuwa” a nan cikakken yanayi ne da al'amura za su iya kasancewa a kai, inda kowace magana take ko dai gaskiya ko ƙarya. Ana rubuta □p da nufin p wajibi ce, wato gaskiya ce a dukkan duniyoyin da ake dubawa, ana rubuta ◇p da nufin p mai yiwuwa ce, wato gaskiya ce a duniya ɗaya ko fiye. Mustahili shi ne wanda babu duniyar da ya tabbata a cikinta. Ja'izin Sanusi yana buƙatar sharaɗi biyu a haɗe, ◇p da ◇¬p, kuma a nan ɗalibai suke yawan tuntuɓe, domin wajibi ma yana cika ◇p, alhali ba ja'izi ba ne.

Abin da Kripke da takwarorinsa suka ƙara shi ne dangantakar isa, R, wadda take faɗin duniyoyin da za a duba daga kowace duniya. A ɗauki duniyoyi uku. A w1, wadda ita ce tamu, wuta ta taɓa busasshiyar auduga ta ƙone ta, dabino kuma ya yi 'ya'ya. A w2 audugar ta ƙone, dabino bai yi ba. A w3 wuta ta taɓa audugar amma ba ta ƙone ba. Bari p ta zama “audugar ta ƙone”. Idan R ta taƙaita ga duniyoyin da al'adar halitta take gudana kamar tamu, w1 tana isa ga kanta da w2 kaɗai, p gaskiya ce a duka biyun, saboda haka □p ta tabbata. Idan kuwa aka buɗe R har kowace duniya marar tufka da warwara ta shigo, w3 ta shiga lissafi, □p ta faɗi, ◇¬p ta tabbata. Magana ɗaya ta zama wajiba a al'ada, ja'iza a hankali, kuma R kaɗai aka taɓa. Matsayin Gazali ke nan, kuma a nan ne mutakallimai suka ajiye mu'ujizar Annabi Ibrahim, alaihissalam, da wuta ta zame masa sanyi.

Hukuncin shari'a ya fi bayyana amfanin R. Ƙa'idar □p → p, wato duk abin da ya wajaba ya auku, tana inganta ne idan kowace duniya tana isa ga kanta. Ga wajibin hankali haka abin yake. Amma salla wajiba ce a shari'a, ga shi kuwa ana samun mai barinta. Dalili shi ne duniyoyin da ake dubawa a nan su ne waɗanda aka cika umarni a cikinsu, tamu kuwa ba ta cikin wannan sahu, don haka ba ta isa ga kanta. Kalmar “wajibi” ɗaya ce a bakin faƙihi da mutakallimi, siffar R ce ta raba su. Ta haka ne ma aka gane tsare-tsaren Lewis: S4 ita ce ta duniyoyin da kowace take isa ga kanta kuma isar tana zarcewa daga ta farko zuwa ta uku, S5 kuwa ta dace da inda kowace take isa ga kowace, kuma ita ce ta fi kama da hukuncin hankali na Sanusi.

Hanyar tana da iyaka da ya kamata a faɗa. Ba ita take yanke hukuncin ko w3 ta cancanci shiga jerin duniyoyi ba. Wanda ya bi falasifa zai ce babu irin wannan duniya tun farko, kuma lissafinsa zai tafi daidai kamar na Gazali. Saɓanin yana komawa ne ga zaɓen duniyoyi, wanda aikin ilmin kalam ne. Haka nan Kripke ya ɗauki duniyoyin a matsayin yanayoyi da ake ƙaddarawa, yayin da David Lewis ya yi iƙirari a littafinsa na 1986 cewa dukkansu samammu ne kamar tamu. Wannan ra'ayi ya ci karo da koyarwar Sanusi cewa iradar Allah ce take keɓe ɗaya daga ɓangarorin mai yiwuwa da samuwa, domin idan kowane mai yiwuwa ya riga ya samu a wata duniya, babu sauran abin da za a keɓe. Lissafin □ da ◇ bai dogara da iƙirarin David Lewis ba, kuma mafi yawan masu aiki da shi ba su karɓe shi ba.