Yadda Ake Lissafin Kuɗin Farantin Shinkafa da Miya a Ƙaramin Gidan Abinci

Wannan bayani mun shirya shi ne domin masu sayar da abinci a Dingyadi da sauran garuruwan Ƙananan Hukumomin Bodinga da Shagari, musamman mata masu rumfa a bakin kasuwa da tasha. Da yawa daga cikinsu suna yanke farashin faranti ne ta hanyar duban abin da maƙwabciya take sayarwa. Sai a wayi gari ciniki yana tafiya, tukunya tana ƙarewa kullum, amma idan buhun shinkafa ya ƙare babu kuɗin sayen wani. Farashin da muka sa a nan misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsa a ranar da zai yi lissafi.

Bari mu ɗauki mai abinci wadda take dafa kilo 5 na shinkafa kowace rana.

Abu na farko shi ne sanin ainihin kuɗin shinkafar. A ce ta sayi buhu mai kilo 50 a kan Naira 58,000, ta biya Naira 2,000 kuɗin mota da dako daga Sakkwato. Buhun ya tsaya mata a kan Naira 60,000 ke nan. To amma shinkafa 'yar gida sai an sheƙe ta, an tsince tsakuwa da ƙaiƙayi. Idan kilo 2 ya tafi ta wannan hanya, abin da zai shiga tukunya kilo 48 ne, don haka kowane kilo ya kama Naira 1,250. Shinkafar yini ɗaya ta kama Naira 6,250. Wadda take saye da mudu ta auna mudun sau ɗaya a sikeli, domin mudu ba girmansa ɗaya ba, kuma cikar wani mai awo ta fi ta wani.

Sai miya. A ce tumatir da tattasai da attarugu da albasa sun ci Naira 4,500, niƙa Naira 300, man gyaɗa lita ɗaya Naira 3,000, gishiri da magi da kayan ƙamshi Naira 700. Jimla Naira 8,500. Itace Naira 1,500, ruwan garuwa Naira 400, sabulu da leda Naira 350, wato Naira 2,250.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a gani a cikin tukunya, kuma su ne aka fi mantawa da su. Yarinya mai wanke-wanke Naira 1,000. Hayar rumfa da harajin ƙaramar hukuma, idan aka raba su a kan kwanakin wata, a ce Naira 300. Sannan ladar aikin ita mai abincin kanta, wadda muka sa Naira 2,000. Wasu za su ce ai kasuwancinta ne, don me za ta biya kanta? Amsa ita ce, ranar da ta kwanta rashin lafiya dole ta biya wata ta tsaya mata a bakin murhu. Waɗannan sun haɗu Naira 3,300. Idan aka tara duka, ban da nama, tukunyar yini ta ci Naira 20,300.

Faranti nawa za a raba wa wannan kuɗi

A nan ne lissafin yawancin masu abinci yake karkacewa. Shinkafa idan ta dahu nauyinta yakan ninka wajen sau biyu da rabi zuwa uku, gwargwadon irinta da yawan ruwan da ta sha. Kilo 5 zai ba da kimanin kilo 13 na dafaffiya. Idan faranti ɗaya yana ɗaukar giram 300, a takarda faranti 43 ne, amma bayan ƙanzo da abin da yake mannewa a tukunya sai a samu 40. Ko waɗannan 40 ɗin ba duka ake karɓar kuɗinsu ba. Mai abinci da yarinyarta za su ci biyu, ɗaya zai tafi sadaka ga almajirai, ɗaya kuma ya narke a gyara, wato ɗan ƙarin da ake yi wa abokan ciniki na kullum. Ba mu ce a daina sadaka ko gyara ba, a dai san da su a cikin lissafi. Faranti 36 ne suka kawo kuɗi, kuma su ne za su ɗauki nauyin tukunyar gaba ɗaya.

Naira 20,300 a raba gida 36 ya ba da kimanin Naira 564. Wannan shi ne kuɗin faranti ɗaya marar nama.

Yanzu a dubi wadda ta lissafa shinkafa da miya kawai, Naira 14,750, ta raba gida 40. Za ta ga faranti ya tsaya a kan Naira 369, ta sayar Naira 500 tana murna. Da yamma za ta ƙirga Naira 18,000, alhali ta kashe 20,300. Ta yi aikin yini a banza, ta kuma ci Naira 300 daga cikin jarinta. Alamar hakan ita ce ta fara sayen shinkafa mudu-mudu bayan a da buhu take saye, ko ta fara karɓar mai bashi.

Nama mun ware shi daban domin ba kowa ne yake saye ba. Kilo ɗaya da rabi a kan Naira 9,000, idan aka yanka shi tsoka 36, kowace tsoka ta kama Naira 250. A ƙirga tsokar bayan ta dahu, domin nama yana ƙanƙancewa a wuta, wani kuma ya dagargaje cikin miya.

Yanke farashi

Idan ana son Naira 20 cikin kowace Naira 100 ta ciniki ta zama riba, to Naira 80 ce kuɗin kaya. Sai a raba kuɗin faranti da 80, a ninka da 100. Naira 564 ta koma 705, Naira 250 ta koma kusan 313. Saboda matsalar canji, sai a tsayar da faranti a Naira 700, tsoka Naira 300, faranti mai nama Naira 1,000. Idan duk 36 suka tafi da nama, ciniki Naira 36,000 ne, an kashe 29,300, riba 6,700. Sai an sayar da faranti 30 kafin kuɗin tukunya ya dawo, don haka idan uku suka kwana, kusan rabin ribar ranar ta tafi. Shi ya sa tukunyar ranar kasuwa ba za ta zama daidai da ta sauran ranaku ba.

Farashin nan ba ya zama wuri ɗaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama abin da ba a raina shi a lissafin kowane buhu. Amma abin da ya fi girgiza faranti a nan yankin shi ne kayan miya. Lokacin da amfanin noman rani ya cika kasuwa tumatir yana araha, da damina kuwa sai ya yi wuya. Idan kayan miyan da aka saya Naira 4,500 suka koma 9,000, kowane faranti ya ƙaru da Naira 125, ya kai 689. A farashin 700 ribar da ta rage Naira 11 ce. A irin wannan lokaci wasu sukan haɗa da busasshen tumatir da suka shanya tun da rani, wasu su ƙara Naira 100, wasu kuma su rage yawan zubi. A ganinmu rage zubi ne ya fi haɗari, domin a gari kamar Dingyadi mai saye ya san girman farantinsa. Muna ba da shawarar a sake wannan lissafi duk lokacin da aka buɗe sabon buhu, da kuma farkon damina, a riƙa zuba abinci da ludayi guda wanda aka san faranti nawa yake fitarwa daga tukunya.